Nawa zan ce a minti ɗaya, kuma in yarda da garantin kashi 99?

Rabi Samaru: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Wata mata mai bincike ce ta turo min aiki, hira ce da suka ɗauka da ƙungiyoyin mata a ƙauyuka kan haihuwa a gida, fayil 6, jimlarsu minti 340. Tana so in mayar da muryar rubutu da Hausa yadda aka faɗa, sannan akwai ɗan bidiyo na minti 12 da take so a sa masa sabtaitil na Turanci. Ta ce in faɗa mata farashi a kan kowane minti na sauti ba a kan shafi ba, kuma wai a takardar yarjejeniya za a rubuta cewa na ba da garantin aikin zai yi daidai kashi 99 cikin ɗari, in bai kai ba ba biya. Ni dai a raina na ce naira 300 a minti, tunda in an lissafa ya kama 102,000, amma maganar garantin nan ce ta tsaya min a rai. Ya kuka gani?

Abba Fagge: 300?? Haba Rabi wlh kin karya kasuwa. Ki ce dubu ɗaya kawai, masu bincike da kuɗinsu suke zuwa. Garanti kuma ki sa hannu abinki, ba wanda zai zauna ya ƙirga miki kalmomi, duk burga ce.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Rabi, kafin mu yi maganar kuɗi, kin saurari fayilolin kuwa? Ba farkonsu ba, tsakiya. Kuma mutum nawa ke magana a kowanne?

Rabi Samaru: Malam na saurari farkon na ɗaya, muryar mai tambayar tana fita tas. Sauran ban buɗe ba tukuna. Ta ce mata takwas zuwa goma ne a kowane zama.

Malam Garba: To ai nan gizo ke saƙa, ƴata. Farkon kowace hira mai tambaya ce ke magana, waya ko rakodar na gabanta, dole ki ji ta tas. Ki je wajen minti na 30 na fayil ɗin da kike zargin ya fi muni, lokacin hira ta yi daɗi, mata uku na magana tare, jariri na kuka, wata tana can ƙarshen tabarma muryarta da ƙyar take isowa. Ki ɗauki minti 5 daga nan, ki duba agogo, ki rubuta su har ki gamsu, ki sake duba agogo. Abin da ya fito shi zai faɗa miki farashinki, ba ni ba ba Abba ba.

Dalili shi ne, minti na sauti da ake ciniki a kansa ba minti na aiki ba ne. Abin da masu wannan sana'a suka saba faɗa shi ne awa ɗaya ta sauti mai kyau, mutum ɗaya ko biyu, tana cin kamar awa huɗu zuwa shida na wanda hannunsa ya faɗa. Wannan fa mai kyau ke nan. Hirar taron mata a tsakar gida kuwa ni ban taɓa yin ta a ƙasa da ninki takwas ba.

Nura Gwammaja: Ni fa in dai irin fassarar finafinan Indiya ce ba a minti ake yinta ba, fim guda ake ciniki, kuma sai kana da murya da situdiyo. Ki nemi masu yi a Kano su faɗa miki yadda ake yi.

Abba Fagge: Nura ka karanta kuwa? 😂 ba ɗora murya za ta yi ba, rubutu ne.

Nura Gwammaja: Au to. Na ga an ce bidiyo ne shi ya sa. Ku ci gaba ina saurare.

Rabi Samaru: Malam na gwada. Innalillahi. Na ɗauki fayil na 4 daga minti 30 zuwa 35, ya ci min minti 50 cif, kuma duk da haka akwai wuri uku da na kasa jin me aka ce ko da na rage gudun sautin, ga shi matan Sakkwatanci suke yi sosai, akwai wata tsohuwa da sai na maimaita ta sau biyar kafin in gane, ga injin niƙa a bayansu da yake tashi ya mutu ya sake tashi.

Malam Garba: Madalla, yanzu muna da abin lissafi. Minti 5 sun ci minti 50, wato kowane minti na sauti yana cin minti 10 na ranki. Minti 340 sau 10 ya zama minti 3,400, kusan awa 57 ke nan. Ki raba 102,000 ɗinki da 57, za ki ga kina aiki ne a kan kamar naira 1,800 a awa, kuma a ciki za ki cire data da man janareta ko kuɗin caji, ba a ma zo kan bita ba. In kin ce awarki ɗaya ta cancanci 4,000, to a awa ɗaya minti 6 kawai kike iya gamawa, 4,000 a raba 6 ya kama wajen 670 a minti. Sai ki ɗora kuɗin wanda zai sake sauraron aikin ya duba miki, don wanda ya rubuta ba ya ganin kuskurensa, kunnensa ya riga ya yarda da abin da ya ji da farko. Ni da ni ne, tsakanin 800 zuwa 850 zan faɗa a kan irin wannan fayil ɗin.

Amma kar ki ba ta farashi ɗaya na duka. Ki gwada minti biyu biyu a sauran fayilolin, waɗanda suka fi tsafta ki sa su a mataki na ƙasa, masu hayaniya a na sama, ki rubuta mata kowane fayil da tsawonsa da matakinsa. Mai bincike in ta ga dalili a rubuce ta fi saurin yarda da in kin jefa mata lamba kawai.

Abba Fagge: To ai Malam kusan inda na faɗa ka dawo, dubu ɗaya na ce, in ta yi tayi a sauko 850.

Malam Garba: Ka faɗa kusa da daidai Abba, amma da ka ka faɗa. Da sautin mutum ɗaya ne a ofis da makirfo mai kyau, dubunka za ta kore ta ne ta tafi wajen wani. Kuma maganarka ta garanti ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Anti Hadiza: Ni ma ban yarda ba, don ni an ƙirga min. Bara na yi wa wata ƙungiya aiki, ba zan kama suna ba, hira da manoma, na sa hannu a kan kashi 98 ba tare da na tambayi me ake nufi da kuskure ba. Da na miƙa sai suka ba wani yaro ya duba, shi kuma ya bi ya ja jan layi a duk inda na rubuta yadda mutanen suka faɗa, manomi ya ce shina zuwa na rubuta shina zuwa, yaron ya ce kuskure ne wai yana zuwa ne daidai, inda na raba kalma shi yana ganin a haɗe take shi ma kuskure, har waƙafi ya ƙirga. A ƙarshe suka ce aikin kashi 91 ya samu suka zaftare min kusan rabin kuɗin, kuma ba ni da bakin magana tunda takardar ba ta ce komai ba a kan wa zai auna kuma da me. Rabi ƙanwata kar ki sa hannu a kan lamba tsirararta.

Rabi Samaru: Kai Anti abin ba daɗi. To shi kashi 99 ɗin ta yaya ma ake auna shi? Ni na ɗauka kawai ana nufin aikin ya yi kyau.

Malam Garba: A'a lissafi ne. Ana ƙirga abu uku: kalmar da kika rubuta wata a madadinta, kalmar da aka faɗa kika tsallake, da kalmar da kika ƙara ba a faɗe ta ba. A haɗa su a raba da yawan kalmomin da aka faɗa. Minti 5 ɗin nan da kika rubuta, kalma nawa kwamfutarki ta nuna?

Rabi Samaru: 712.

Malam Garba: To kashi 99 yana nufin kuskure 7 kacal aka yafe miki a wannan yankin. Kin ce wuri uku ba ki ji ba. In kowane wuri kalma huɗu ne, 12 ke nan, kin faɗi tun kafin a duba sauran, alhali ba laifinki ba ne, laifin injin niƙa ne. Shi ya sa sharaɗi na farko da za ki rubuta shi ne duk inda sauti bai fita ba za ki sa alama da lokacinsa, kamar haka:

```
[ba a ji ba 00:32:14]
```

kuma wannan ba ya shiga lissafin kuskure. In ita ta saurara ta ji, ta faɗa miki ki cike. Abin da ba a yafewa shi ne ki yi cinke ki rubuta abin da kike tsammani, wannan ya fi barin gurbi muni nesa ba kusa ba, don mai bincike za ta ɗauka ta sa a rahoto a matsayin maganar matar.

Na biyu, abin da ya ci Hadiza. Ku yarda tun farko, yadda aka faɗa za a rubuta ko za a daidaita zuwa daidaitacciyar Hausa? Za a rubuta su eh, to, wato, da maimaici da in'ina, ko a share? Ki rubuta mata minti 5 ɗin nan ki tura a matsayin samfur, ta amsa a rubuce cewa haka take so. Daga nan samfurin ne alƙali.

Na uku, yadda za a auna. Ba wanda zai sake sauraron minti 340, Abba ya yi gaskiya a nan, amma za a ɗauki yanki. Ki ce ita ta zaɓi minti 5 a kowane fayil, duk inda ta ga dama, a ƙirga kuskure da lokacin kowanne don ki iya komawa ki ji da kunnenki.

Isuhu Maraɗi: Gaisuwa Malam Garba. Ni tambayata a kan haruffa masu ƙugiya. Mu nan Nijar muna rubuta ƴ, ku da yawa a Najeriya 'y kuke sawa, na taɓa yi wa wasu aiki daga can suka maido min wai in gyara duka. Sannan in mutum ya rubuta k a wurin ƙ, kuskure ne a lissafin ko a'a?

Malam Garba: Isuhu na ƴ da 'y ba kuskure ba ne, tsarin rubutu ne, a zaɓi ɗaya a samfur a bi shi, kuma sauya shi aikin minti ɗaya ne a kwamfuta. Na ƙugiya kuwa ni ina ƙirga shi kuskure, don baƙi da baki ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya karɓi kuɗi a kan rubuta Hausa bai da uzurin rashin kibod.

Abba Fagge: Nan kam Malam ka tsananta. Rabin kwastomomina ma ba sa son ƙugiyar, cewa suke tana fito musu da akwati akwati a bidiyo.

Isuhu Maraɗi: Wannan ai matsalar ajiye fayil ce Abba, ka ajiye da tsarin haruffa na UTF-8 kuma ka zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da haruffan.

Abba Fagge: Na sani mana, a manhajar sabtaitil ta Subtitle Edit ma nake aiki kullum. Amma in ka miƙa fayil ɗin ai ba kai ke ɗora shi a bidiyon ba, editansu ne zai zaɓi wani salon rubutu na gayu wanda ba shi da ɗ, sai a kira ka a ce aikinka ya lalace. Ni yanzu ina rubutawa a sharaɗi cewa garantina a kan fayil ɗin sabtaitil na SRT da na miƙa ya tsaya.

Bari ma in yi maganar bidiyon tunda nan ne gidana. Rabi kar ki kuskura ki sa minti 12 ɗin nan a farashin sauran. Sabtaitil aiki uku ne a cure, ki rubuta abin da aka ce, ki fassara, sannan ki yanka shi ki ɗora kowane layi a kan lokacinsa, kuma na ukun nan shi ne mai cin rai. Kowane guntu haka yake:

```
14
00:01:22,400 --> 00:01:25,900
Ungozoma ce ta karɓi haihuwar,
asibiti ya yi mana nisa.
```

lamba, lokacin shiga da na fita, sai rubutu layi biyu iyaka. Ƙa'idar da yawancinmu muke ara ita ce ta Netflix, harafi 42 a layi, kuma guntu kar ya wuce daƙiƙa 7 a allo. A minti 12 na hira za ki iya samun guntu ɗari da hamsin ko fiye, kowanne sai kin ja shi da hannu kin gwada. Ni minti ɗaya na sabtaitil mai fassara ina cajinsa ninki huɗu na rubutu zalla, kuma ina da mafi ƙarancin kuɗin da nake karɓa, ko bidiyon minti 2 ne sai an biya na minti 10, don buɗe aiki da saukewa da kai da kawowa da kwastoma duk ɗaya ne.

Rabi Samaru: To shi ma kashi 99 ɗin zai hau kansa?

Abba Fagge: Ina! Ta yaya? Mace ta yi magana kalma talatin a daƙiƙa shida, dole ki taƙaita ta yadda mai kallo zai iya karantawa, in aka bi lissafin Malam na kalmar da aka tsallake ai kin faɗi tun a minti na farko. A sabtaitil abin da za ki ɗauki alkawari shi ne ma'ana ba ta sauya ba, sunaye da lambobi daidai, rubutu na shiga tare da magana, gyara zagaye ɗaya kyauta. Kuma ki ce su ba ki bidiyon ƙarshe wanda ba za a sake taɓawa ba. In sun yanke wani abu a farko da sauƙi, a tura duka lokutan gaba ko baya sau ɗaya, amma in sun yi yanke yanke a tsakiya bayan kin gama, sabon ciniki ne.

Malam Garba: Wannan duk daidai ne, ba ni da abin ƙarawa a sabtaitil. Sai dai abin da ya faɗa na ma'ana ya tuna min da raunin lissafin kashi ɗin kansa. Lissafin bai san kalma mai nauyi da marar nauyi ba. Mace ta ce ba mu zuwa awo, ke hayaniya ta cinye ba ɗin kika rubuta mu zuwa awo ko muna zuwa awo, kuskure ɗaya ko biyu ne kacal a lissafi, kina nan a kashi 99 da ɗoriya, amma kin juya binciken matar nan kai ƙasa. Haka in an ce wata bakwai kin rubuta wata takwas. Don haka ni da kaina nake ƙara wa kwastoma sharaɗin da bai nema ba, cewa korewa da lambobi da sunayen magani da na gari mai bita zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi yi mata amfani da lambar da take nema, kuma shi ke sa ta yarda in kin ce 99 a kan sauti mai tsafta kaɗai za ki ɗauka, masu hayaniya 95 bayan an cire wuraren da ba a ji ba.

Anti Hadiza: Sai maganar in bai kai ba ba biya. Wannan a goge ta gaba ɗaya. Ki ce in fayil ya gaza za ki sake bin sa kyauta cikin kwana bakwai, shi ke nan. Kuma rabin kuɗi kafin alƙalami, sannan ta sami kwana goma ta kawo ƙorafi, in sun wuce aiki ya karɓu, in ba haka ba bayan wata uku za a kira ki ana cewa oga ya duba bai gamsu ba.

Malam Garba: Kafin alƙalami da wa'adin ƙorafi na yarda. Amma Hadiza in an sake bi har yanzu bai kai ba fa? Garantin da ba ya cin mai ba da shi komai ai ba garanti ba ne. Ni ina yarda a rage kashi 20 na kuɗin wannan fayil ɗin kaɗai, ba na duka aikin ba.

Anti Hadiza: Malam kai kana da suna, ba mai yi maka wasa. Mu in ka buɗe ƙofar ragi ko ta taku ɗaya ce sai sun nemo kuskuren da zai kai su ciki. Ni gyara kyauta ko sau uku ne zan yi, amma kuɗina ba ya komawa.

Isuhu Maraɗi: Ni ina bayan Malam a nan, amma da sharaɗin in an yi saɓani a kan kalma a kai wa mutum na uku mai jin karin harshen wurin, ba ɗan ofis ɗinsu ba. Wata tambayar kuma, shiru fa? Wani fayil za ka tarar minti huɗu ana ta gyara zama ana raba lemo ba a ce komai ba, ana biyansa?

Abba Fagge: Ana biya mana, ai sai ka saurara kafin ka san shiru ne. In ba sa so su biya su yanke kafin su turo. Kuma Rabi ki auna tsawon da kanki kar ki yarda da 340 ɗinta, ki buɗe kowanne a VLC ki duba, guntun minti kuma a cike shi ya zama minti a kowane fayil.

Isuhu Maraɗi: Cikewa a kowane fayil na iya jawo gardama a banza, ni a jimla nake cikewa sau ɗaya.

Rabi Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, jimlar ma 352 ce ba 340 ba, ashe ba ta haɗa da wani guntu da aka ci gaba bayan batir ya mutu ba. Na tura mata samfurin da mataki biyu, 600 a fayil biyu masu tsafta, 850 a sauran huɗun, bidiyon daban, na kuma rubuta sharuɗɗan yadda kuka ce, na ɗauki na Malam na ragin kashi 20, Anti ki yi haƙuri. Yanzu ta amso, ta yarda da alamar ba a ji ba da kashi 95 ɗin, amma ta ce kasafinta ba zai wuce 600 a minti a duka ba, kuma tana so a sa sunan mai magana a kowane layi, mace ta ɗaya mace ta biyu har goma. Wannan ɗin a cikin farashin yake ko shi ma daban ne?

Anti Hadiza: Mata goma da ba ki taɓa gani ba ki rarrabe su da murya?? Ki tambaye ta tukuna ko mai tambayar tana kiran sunansu ko lambarsu kafin su yi magana. In ba ta yi, ki ce mai tambaya da mai amsa kaɗai za ki iya rabawa, kuma a 600 ɗin ma sai in ta yarda ita za ta nemo mai bita.